Yadda Ake Yi wa Aboki Godiya a Kan Kyautar da Ba Ta Kwanta Maka a Rai Ba

Kyautar da aka yi don sauke nauyi ba ta da wuyar godiya, domin mai bayarwa bai sa ransa a kanta ba, kuma da wuya ya sake tambayar labarinta. Wadda take ɗaure wa mutum kai ita ce wadda aboki ya zauna ya yi tunani a kanta, ya tuna wata magana da ka taɓa yi, ya shiga kasuwa ya zaɓa da hannunsa, sannan ya kawo maka yana kallon fuskarka, kai kuwa da ka duba sai ka ga abin bai yi maka ba ko kaɗan. A irin wannan hali mutane sukan faɗa ɗaya daga cikin kurakurai biyu. Wasu sukan yi ƙarya su ce ba su taɓa ganin abu mai kyau kamarsa ba, wasu kuma sukan bari fuskarsu ko bakinsu ya tona abin da ke ransu tun kafin mai kyautar ya zauna. Akwai hanyar da ta fi waɗannan, kuma ginshiƙinta shi ne ka raba abu biyu da suka zo maka a ƙunshi ɗaya, wato kayan da aka kawo da kuma tunanin da ya sa aka kawo su. Kayan ne ba ka so. Tunanin kuwa kana sonsa da gaske, don haka a kansa za ka ɗora godiyarka, ba tare da ka faɗi kalma ɗaya ta ƙarya ba.

Domin bayanin ya zauna a kan abu ɗaya, mu ɗauki misalin da yake yawan faruwa. Ka taɓa gaya wa amininka, cikin hira kawai, cewa za a ɗaura auren ƙaninka bayan Sallah kuma har yanzu ba ka yi ɗinki ba. Bayan ɗan lokaci wata hidima ta kai shi Kano, ya ratsa Kantin Kwari, ya sayo maka shadda yadi 5, wadda za ta isa kaftani da wando. Shaddar mai nauyi ce, ba ƙaramar kuɗi ya kashe ba, amma launinta ruwan goro ne mai haske ƙwarai, alhali kai duk kayanka fari ne da ruwan toka da ruwan madara, kuma ka san ba za ka iya shiga taro da irin wannan launi ranka yana kwance ba.

Mataki na farko: karɓa

Abin da ya fi muhimmanci a cikin al'amarin duka yana faruwa ne a ɗan lokacin da kayan suke barin hannunsa suna shiga naka, domin a lokacin ne idonsa yake kan fuskarka. Idan kana zaune, ka gyara zama ko ka miƙe, ka karɓa da hannu biyu, ko da hannun dama kana tallafa masa da na hagu. Kada ka nuna masa wuri da baki ka ce ya ajiye can. Da zarar kayan sun shiga hannunka, ka fara addu'a tun kafin ka buɗe: "Kai, har da ɗawainiya haka? Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi, Allah ya bar zumunci." Amfanin fara addu'a kafin buɗewa biyu ne. Na ɗaya, godiyar ta riga ta fita daga bakinka tun ba ka san abin da ke ciki ba, don haka babu yadda za a yi ta zama ta dole. Na biyu, bakinka yana kan magana lokacin da idonka zai sauka a kan launin, kuma mutumin da yake cikin magana fuskarsa ba ta saurin canzawa kamar ta wanda ya yi shiru yana kallo.

A al'adarmu ba dole ba ne a buɗe kyauta a gaban wanda ya kawo ta, kuma idan abokin bai nemi ka buɗe ba, kana iya riƙe ta a cinyarka na ɗan lokaci sannan ka kai ta ciki da kanka. Sai dai amini wanda ya yi tunani a kan abin da ya sayo yawanci zai ce maka, "Buɗe mana ka gani." Idan ya ce haka, ka buɗe a natse, ka warware shaddar kaɗan, ka shafa ta da tafin hannu, ka ɗaga ta ka ji nauyinta. Wannan ba wasan kwaikwayo ba ne, domin kana neman abin da za ka iya yabawa da gaskiya ne, kuma a hannu ake gane ingancin yadi.

Akwai alamomin da suke tona mutum nan take, kuma ya kamata ka san su domin ka kiyaye. Shiru na ɗan lokaci da yake biyo bayan buɗewa yana daga cikinsu, haka nan "to" mai tsawo wadda ba ta da ci gaba, da saurin naɗe kayan a mayar cikin leda, da juya hira zuwa wani batu tun bai gama ba da labarin yadda ya samo su ba. Mafi muni a cikinsu shi ne tambayar "babu wani launin ne a shagon?", domin duk yadda ka tausasa murya, abin da zai ji shi ne zaɓinsa bai yi ba. Tambayar farashi ita ma ka bar ta, domin tana mayar da kyauta ciniki.

Mataki na biyu: nemo gaskiyar da za ka faɗa

Bayan addu'a dole ka ce wani abu game da kyautar kanta, domin godiyar da ba ta taɓa abin da aka bayar ba takan yi kama da ta sauke nauyi. A nan ne mutane da yawa suke zamewa cikin ƙarya, alhali gaskiyar da za su iya faɗa tana nan birjik a gabansu. A misalinmu akwai aƙalla abu uku da suke gaskiya tsantsa. Abokinka ya riƙe maganar da kai kanka ka manta ka yi ta. Ya shiga kasuwa mai cunkoso a cikin tafiyar da ya yi don tasa hidimar, ya ɓata lokacinsa da kuɗinsa dominka. Sannan shaddar mai kyau ce a matsayinta na shadda, ko da launinta bai yi maka ba.

Ka fara da na farkon, domin shi ne zuciyar kyautar, kuma shi ne abin da mai bayarwa ya fi son a lura da shi. Ka ce masa, "Ashe ka riƙe maganar bikin nan? Ni na faɗe ta ne a cikin hira na wuce, ban zaci ka ajiye ta a ranka ba." Sannan ka zo kan wahalar: "Duk da hidimar da ta kai ka, sai da ka shiga Kwari saboda ni." Daga nan ka yabi abin da hannunka ya tabbatar maka: "Wannan shadda ce mai nauyi, ba ƙaramar shadda ba ce, ka kashe kuɗi." Idan ka lura, babu inda ka ce launin ya burge ka, kuma babu inda ka ce bai burge ka ba. Duk jimlolin nan uku za ka iya rantsewa a kansu.

Yana da kyau kuma ka ba shi dama ya yi magana, ta hanyar tambayarsa yadda ya samo ta. Wanda ya yi tunani kafin ya yi kyauta kusan kullum yana da labari a bayanta, wataƙila ya zaga shaguna da yawa, wataƙila ya tsaya tsakanin launi biyu ya rasa na ɗauka. Sauraron wannan labari da kyau yana daga cikin godiya, kuma sau da yawa a cikinsa za ka gane dalilin zaɓin. Mai yiwuwa ya ce maka, "Na ga kullum fari kake sawa, na ce bari ranar bikin ƙaninka ka fito daban." Idan ka ji haka, ka san cewa ya lura da irin kayanka sarai, da gangan ya zaɓo maka wani abu na dabam, kuma wannan zai shafi yadda za ka yi da shaddar daga baya.

Me ya sa ba za ka ce kawai "na ji daɗin launin nan" ka huta ba? Dalili na farko shi ne ƙarya ce, kuma ƙanƙantarta ba ta fitar da ita daga sunan ƙarya. Dalili na biyu ya shafi zaman yau da gobe. Idan ka nuna masa cewa ruwan goro ya burge ka, ka koya masa abin da zai riƙa sayo maka ke nan, kuma wata Sallar za ka sake karɓar irinta, sannan ka sake yin ƙaryar, wannan karon da ƙari. Dalili na uku shi ne amini ya san muryarka. Ya san yadda kake yi idan abu ya burge ka da gaske, don haka yabon da ya wuce kima shi ne yake fara sa shi zargi. Idan ka ga kana maimaita "ya yi kyau, wallahi ya yi kyau" sau da yawa ba tare da ka iya ambata abin da ya yi kyan ba, to ka shiga yabon da zai tona ka, kuma ka haɗa da rantsuwa a kan abin da ba haka yake a ranka ba.

Hanyar kawaici ba tare da ƙarya ba tana da asali a sunna. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa kushe abinci ba, idan yana sha'awarsa ya ci, idan ba ya so ya bar shi. Haka nan lokacin da Ummu Hufaid, 'yar'uwar matarsa Maimuna, ta yi masa kyautar cuku da man shanu da damo, ya ci cukun da man ya bar damon, kuma aka ci damon a gabansa bai hana ba. Ya karɓi kyautar, ya amfana da abin da ransa ya so a cikinta, bai aibata sauran ba, kuma bai tilasta wa kansa nuna sha'awar da babu ita ba.

Mataki na uku: idan ya tambaye ka kai tsaye

Wani abokin yakan wadatu da abin da ka faɗa, wani kuma yakan ƙara da tambaya: "Amma dai launin ya yi maka ko?" Kafin ka amsa, ka gane irin tambayar da aka yi maka, domin iri biyu ce. Akwai wadda ake yi cikin fara'a ana jiran "e", akwai kuma wadda ake yi da shakka a murya, musamman idan ya ƙara da cewa mai shagon ya yarda a mayar a canza idan ba a yanka ba.

Ga ta farkon, amsar da ta dace ita ce wadda take gaskiya mai taushi: "Ka san ni da fari da ruwan toka, wannan sabon abu ne a wurina, ban saba da shi ba. Amma tunda daga hannunka ta fito, za a ɗinka." Wannan amsa ta sanar da shi irin launin da ka saba da shi ba tare da ta kushe zaɓinsa ba, kuma mai hankali zai riƙe ta don gaba. Sai dai ka kula da alkawarin da ke ƙarshenta. Kada ka ce za a ɗinka idan ka san ba za ka kai ta wurin tela ba, kuma kada ka ce "ita zan sa ranar ɗaurin aure" don kawai ka ga fuskarsa ta washe, domin shi ma zai halarci ɗaurin auren kuma zai duba.

Ga ta biyun kuwa, wato idan shi da kansa ya buɗe ƙofar canji da gaske, ra'ayina shi ne ka shiga ta ƙofar, domin ya fi son kuɗinsa su zama rigar da za ka riƙa sawa a kan su zama yadin da zai tsufa a akwati. Ka ce, "Tunda ka ce ana iya canzawa, in ba zai zama wahala a gare ka ba, irin wannan shaddar dai, mai wannan nauyin, in akwai ruwan toka, sai na fi yawan sa ta." Ka lura da yadda jimlar ta tabbatar da zaɓinsa na inganci, ta taɓa launi kaɗai, ta kuma ba da dalilin da yake faranta wa mai kyauta rai, wato yawan amfani. Idan kuwa canjin zai sa ya sake tafiya ko ya yi aike zuwa wani gari da kuɗinsa, ka bar maganar, ka ce masa kada ya wahalar da kansa.

Mataki na huɗu: godiya ta biyu

Godiyar Bahaushe ba ta ƙarewa a zama ɗaya, kuma wannan al'ada tana taimaka maka ƙwarai a nan, domin tana ba ka hanyoyin nuna jin daɗi waɗanda ba su bukatar ra'ayinka a kan launi. Idan aike aka yi maka da kyautar, ka ba ɗan aiken tukwici daidai ƙarfinka, domin yaba kyauta tukwici, kuma ka kira abokin a waya a ranar, kada ka bari sai ya kira yana tambaya ko saƙo ya iso. Idan da kansa ya kawo, ka shiga da kayan cikin gida ka nuna wa iyalinka ko mahaifiyarka ka ce a taya ka godiya. Idan mahaifiyarka ta sa masa albarka, ko maiɗakinka ta aiko da gaisuwa da godiya, hakan yana kai masa saƙon cewa alherinsa ya shiga gidan an gan shi. Amma ka ja kunnen mutanen gida tun da wuri, musamman yara da ƙanne masu barkwanci, kada wani ya ce a gabansa, "Ai shi ba ya sa irin wannan."

Washegari ko bayan kwana biyu ka sake godiya, ko da baki idan kun haɗu, ko ta saƙo. Saƙon murya ya fi rubutu isar da zuciya, amma idan rubutu za ka yi, ya kasance gajere kuma ya ambaci abin da ya yi. Misali: "Salamu alaikum. Na sake godiya da ɗawainiyar jiya. Har yanzu ina mamakin yadda ka riƙe maganar bikin nan a ranka. Mutanen gida duk sun gani sun yi godiya. Allah ya saka da alheri, ya bar mu tare." Addu'ar "Allah ya saka da alheri" ba cikon magana ba ce, domin ya zo a hadisi cewa wanda aka yi wa alheri ya ce wa mai alherin haka, to ya kai matuƙa wajen yabo. Godiya sau biyu ko uku ta wadatar. Idan ka riƙa tayar da maganar duk lokacin da kuka haɗu, za ka riƙa jawo tambayar da kake gudu da kanka.

Mataki na biyar: abin da za ka yi da kayan

Yadi ba kamar agogon bango ba ne da za a rataye a wuce wurin, domin ana sa ran ganinsa a jikinka, kuma wannan ne ya sa kyautar tufafi ta fi sauran wuyar sha'ani. Zaɓin da na fi ganin dacewarsa a misalinmu shi ne ka ɗinka, ka sa ko da sau kaɗan ne, kuma ka tabbata ya gani. Ka gaya wa tela ya yi ɗinki mai sauƙi, ba tare da aiki mai yawa a wuya da hannu ba, ko ya yi aikin da zare mai launin yadin kansa, domin aiki mai wani launi yana ƙara wa yadi mai haske ɗaukar ido. Ka haɗa da hula mai duhu wadda ka saba da ita. Ba dole ba ne ka sa ta a wurin ɗaurin auren kansa, inda ake ɗaukar hotuna kuma kake son ka kasance cikin natsuwa. Biki yana da zama fiye da ɗaya, don haka kana iya sa ta a walima ko a zaman yamma, ko kuma ka sa ta wata Juma'a ka kai masa ziyara. Yana yawan faruwa kuma launin da mutum ya ƙi a ninke ya ga ya karɓe shi bayan an ɗinka, saboda haka kada ka yanke hukunci na ƙarshe tun yadin yana cikin leda.

Zaɓi na biyu shi ne rini. Shaddar auduga tana karɓar rini sosai, kuma masu rini na zamani, da marina irin ta Ƙofar Mata a Kano, sun saba da wannan aiki. Abin da ya kamata ka sani shi ne rini daga haske yake tafiya zuwa duhu, don haka ruwan goro ba zai koma fari ko ruwan madara ba, sai dai ya koma makuba ko ruwan ƙasa mai duhu ko baƙi, kuma tsohon launin yana tasiri a kan sabon. Ka sa a gwada a ɗan ƙyalle daga gefen yadin kafin a tsoma duka, ka yi rinin kafin ɗinki, sannan a kai wurin masu bugu domin ƙyallinta ya dawo. Amma wannan zaɓi yana da sharaɗi. Idan abokin ya gaya maka cewa launin ne ya zaɓa da gangan don ka fito daban, to rina shi a ɓoye share zaɓinsa ne, kuma ranar da ya gane zai fi jin ciwo fiye da a ce ka gaya masa tun farko. A irin wannan hali ka nemi shawararsa a fili: "Ina tunanin in sa a ɗan duhunta ta domin in riƙa sa ta zuwa wurin aiki, me ka gani?"

Zaɓi na uku shi ne ka ɗinka wa 'ya'yanka ko ka ba wani. Kyauta idan ta shiga hannunka ta zama mallakarka, kuma babu laifi a addini ka bayar da ita. Abin da ake kiyayewa shi ne zuciyar mai bayarwa. Ɗinka wa yaranka maza kayan Sallah da ita ya fi sauƙin karɓuwa, domin kayan ba su bar gidanka ba, kuma kana iya kai su su gaishe shi a cikin kayan ka ce, "Ga shaddarka nan a jikin 'ya'yanka." Bayar da ita ga wanda yake zama a majalisarku ɗaya kuwa kuskure ne babba, domin abokinka zai gane yadin da ya zaɓa da hannunsa a jikin wani. Sayar da ita ya fi wannan muni idan labari ya koma masa. Idan har za ka bayar, ka jira lokaci ya ɗan ja, ka ba wanda yake nesa kuma yake da bukata, sannan ka shirya faɗin gaskiya idan an tambaye ka.

Inda dole a faɗi gaskiya tun farko

Duk abin da ya gabata ya shafi kyautar da ba ta dace da sha'awarka ba ne kawai. Idan kyautar tana cutar da kai ko ba za ta amfanu ba sam, kawaici ya zama kuskure. Turaren da yake tayar maka da asma ko ciwon kai, da alewa ko zuma mai yawa ga mai ciwon suga wanda likita ya hana, da hula ko takalmin da ba su shige ka ba, duk waɗannan ana faɗa ne a zaman farko, bayan addu'a da godiya, kuma ana ɗora dalilin a kan halin da kake ciki, ba a kan zaɓinsa ba. Ka karɓi turaren, domin ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya mayar da turare, sannan ka ce, "Ƙamshi mai ƙarfi yana tayar mini da ƙirji, likita ya ce in kiyaye. In ka yarda zan ba Baba, na san zai ji daɗinsa." Neman yardarsa yana sa ya ji har yanzu yana da hannu a cikin alherin.

A nan ma akwai abin koyi. Lokacin da Sa'abu ɗan Jassama ya yi wa Annabi kyautar jakin jeji alhali Annabin yana cikin harami, sai ya mayar masa, kuma da ya ga damuwa a fuskarsa sai ya bayyana masa cewa ba don komai aka mayar ba sai don suna cikin harami. Haka nan da wata riga mai zane da Abu Jahm ya ba shi ta ɗauke masa hankali a salla, ya sa aka mayar masa da ita, amma ya ce a karɓo masa wata rigar Abu Jahm ɗin marar zane, kuma malamai sun bayyana cewa ya yi haka ne domin kada zuciyar mai kyautar ta karye. A duka biyun an faɗi dalili a fili, kuma an bar wa mai bayarwa mutuncinsa.

Mataki na ƙarshe: bayan watanni

Wata rana, wataƙila bayan bikin ya wuce, zai iya tambayarka, "Ina shaddar nan kuwa?" Idan ka bi matakan da suka gabata, amsar tana hannunka, ko ka ɗinka ya gani, ko tana jikin yara, ko an rina da saninsa. Idan har yanzu tana akwati, kada ka ɗora wa tela laifin da bai yi ba, domin irin wannan uzuri yana tsufa kuma yana bukatar wani uzurin ya tallafe shi. Ka ce, "Tana nan a ajiye, ban ɗinka ba tukuna. Gaskiya launin ya fi ƙarfina, ina ta tunanin yadda zan yi da ita, amma ban manta da alherin ba." A wannan lokaci zafin abin ya ragu, kuma amini ya fi iya ɗaukar wannan magana bayan watanni fiye da ranar da ya miƙo maka kayan yana murmushi.

Saura ramawa, domin yana daga sunna a karɓi kyauta a kuma saka wa mai ita. Kada ka auna abin da za ka ba shi da yadda kyautarsa ta yi maka, ka auna shi da tunanin da ya yi. Ka saurari hirarsa kamar yadda ya saurari taka, ka riƙe abin da ya ce yana bukata, kuma kada ka yi gaggawar mayarwa a makon da ya ba ka, domin hakan yana kama da biyan bashi. Ka jira wani dalili ya zo, kamar Sallah ko suna ko dawowa daga tafiya. Game da kyaututtukan gaba kuwa, hanyar da ta fi sauƙi ita ce ka sanar da shi abin da kake so a lokacin da babu wata kyauta a tsakaninku. Idan kun shiga kasuwa tare, ka nuna masa launin da yake burge ka ka faɗi dalili, ko ka nemi ya raka ka zaɓen yadin Sallah ya ga abin da hannunka yake kaiwa gare shi. Idan kuma zai yi tafiya ya tambaye ka abin da zai taho maka da shi, kada ka ce "komai ma", ka ambaci abu ɗaya mai sauƙin samu, ka faɗi launinsa ko lambarsa.